Sake bin aiki layi-layi ko mayar da amsa cikin tambaya: wanne ya fi kama kuskure?

"Malam, ina aji shida na sakandare, bana zan zana WAEC. Tambayoyin nan masu (a), (b), (c) su ke kashe ni. Na san hanya, amma sai mainos ɗaya ya ɓata min komai. Yayana ya ce in riƙa sake bin aikina daga sama har ƙasa, ƙawata kuma ta ce in mayar da amsar cikin tambaya kawai. Wanne zan riƙe?"

Ƙanwata, fara da na ƙawarki, amma kada ki watsar da na yayanki, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Mayar da amsa tana gaya miki ko akwai ɓaraka. Bin layi shi ke nuna inda take. A darasin yamma da nake yi da 'yan ajinku a Gwammaja na sha ganin yaro ya karanta aikinsa sau uku bai ga komai ba, saboda idon da ya yi kuskuren shi ne dai yake dubawa, kuma abin da kai ya yi niyyar rubutawa yake gani, ba abin da biro ya rubuta ba. Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta, ki gani da idonki.

A (a) an ce a nemo x da y:

2x − 3y = 13 ... (1)
3x − 5y = 21 ... (2)

A (b) an ce amsar nan ita ce ɗigon P, a nemo gangarar layin da ya tashi daga P zuwa Q(5, 3). A (c) kuma a rubuta ikweshin ɗin layin.

Za ki ninka (1) sau 3, ki ninka (2) sau 2, don x ya zo daidai a duka biyun:

6x − 9y = 39 ... (3)
6x − 10y = 42 ... (4)

Sai a debe (4) daga (3). A hagu −9y − (−10y) ya ba da y. A dama 39 − 42 ya ba da −3. To a nan ne hannu yake zamewa. Tun firamare mun saba cire ƙarami daga babba, saboda haka mai sauri sai ya ga 42 da 39 ya rubuta 3. Ya sa y = 3 cikin (1), ya samu 2x − 9 = 13, wato x = 11. Lambobi masu kyau, babu ɓari babu ɗigo, zuciya ta kwanta. Da a ce kuskuren a hagu ya faru, ya rubuta −19y, da amsar ta fito 3/19, muninta kaɗai ya isa ya sa mutum ya tsaya. Wanda ya fito tsaf-tsaf shi ne abin tsoro.

Mai bin layi zai zo kan 39 − 42, ya ce a ransa "bambancinsu uku ne", ya wuce. Mai mayar da amsa kuwa, ya danganta da inda ya mayar da ita. In ya sa x = 11 da y = 3 cikin (1), zai ga 22 − 9 = 13, ya yi murna. Wannan murnar banza ce, domin daga (1) ɗin ya ciro x, kowace lamba ya ba y dole ta yi daidai a can. Kamar ka tambayi mai rumfa a Kantin Kwari ko atamfarsa na zuba ne. Shaidar da za a karɓa tana (2), wadda ba a taɓa ta wajen neman x ba: 33 − 15 = 18, alhali 21 ake nema. Layi ɗaya, daƙiƙa ashirin, an kama shi. Amsar gaskiya x = 2, y = −3, ita kuma ta wuce duka biyun: 4 + 9 = 13, sannan 6 + 15 = 21.

Mutane na cewa aibin mayar da amsa shi ne ba ta nuna wurin kuskure. Haka ne in kin tsaya a ikweshin na farko. Amma ki ɗauki amsar nan da kika san gurguwa ce ki bi da ita ta kan layukanki. A (3), 66 − 27 = 39, ta wuce. A (4), 66 − 30 = 36, ba 42 ba. Ke nan (2) da (4) bakinsu ɗaya, duk sun ƙi ta, ninkawar da ta haɗa su lafiyarta ƙalau. Layin da ya biyo bayan (4) shi ya karɓe ta. Ɓarakar tana tsakanin layi na ƙarshe da ya ƙi da na farko da ya karɓa a bayansa, wato a debewar. Yanzu ne shawarar yayanki take da amfani, sai dai mataki guda za ki ƙura wa ido maimakon shafi guda. Ki lura kuma da giɓin: 42 da 36 akwai 6 a tsakani, ninki biyu na 3. Alama in ta juye, giɓin da take bari a layin da ke gab da kuskuren ninki biyu ne na lambar da ta juye, domin daga −3 zuwa 3 taku shida ne. Idan na ga giɓi a takardar ɗalibi, nakan raba shi biyu in nemi rabin a cikin layukansa, sau da yawa a nan nake tarar da mainos ɗin da ya faɗi.

Lokacin dubawa ma magana ce. Ki ce ba ki duba (a) ba kin tafi da P(11, 3). A (b) gangara za ta zama 3 − 3 a kan 5 − 11, sifili ke nan. A (c) layin ya zama y = 3. Yanzu ki ce bari ki gwada: P yana kan layin, Q ma yana kai. Gwaji ya wuce lafiya, amma sassa uku duk sun ruɓe, saboda abin da kika gwada da shi daga ruɓaɓɓen (a) ya fito. Da P(2, −3) na gaskiya, gangara ita ce 3 − (−3) a kan 5 − 2, wato 6 a kan 3, ta ba da 2, layin kuma y = 2x − 7. Don haka nake hana ɗalibaina ajiye dubawa sai ƙarshen jarrabawa. Duk amsar da sashe na gaba zai hau kanta, a gwada ta kafin a ɗora mata kaya. Takarda ta biyu ta lissafin WAEC awa biyu da rabi ce, tambaya goma ake amsawa, kusan minti 15 ke nan ga kowace. Minti ɗaya a ƙarshen (a) bai kai sake (b) da (c) daga tushe tsada ba. Masu maki suna raba makin hanya da makin amsa, kina iya tsira da wani abu na hanya, amma na amsa ya tafi, kuma gangarar sifili irin wannan tana sauƙaƙa tambayar har ta rage abin da za ki nuna kin iya.

Akwai kuskuren da babu ruwansa da alama, na kwafe ne da ɗaukar kaya daga wuri zuwa wuri. Wata ɗalibata ta taɓa kwafe 21 a matsayin 12. Daga nan ba ta sake yin kuskure ko ɗaya ba: 6x − 10y = 24, y = 15, x = 29. Ta bi layukanta, komai daidai. Ta mayar da amsa cikin abin da ta kwafa, 87 − 75 = 12, daidai. Hanyoyin biyu duk sun wanke ta, saboda duk a littafinta suka tsaya. Maganin wannan ɗaya ne: lokacin gwaji ki ɗaga kai daga takardar amsa, ki ɗora yatsa kan takardar tambaya da aka buga, daga can za ki karanto lambobin. Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne musanya gurbi. Wanda ya fara samun y = −3 sannan x = 2 yakan rubuta P(−3, 2) bisa jerin da suka zo masa, sai gangara ta koma 1/8. Shi ya sa nake so a rufe kowane sashe da cikakken layi, "x = 2, y = −3, P(2, −3)", a ja masa layi a ƙasa, in za a ɗauka a (b) daga nan za a ɗauka, ba daga ka ba.

Inda yayanki ya yi nasara kai tsaye shi ne wajen amsar da ta ɓace. Ɗauki x² = 5x. Mai gaggawa ya raba kowane ɓangare da x, ya samu x = 5, ya gwada, 25 = 25. Gwajin bai yi ƙarya ba, 5 amsa ce, sai dai x = 0 ma amsa ce, kuma ta salwanta a wajen rabawar. Mayar da amsa tana tantance abin da ke hannunki ne kawai, ba ta san abin da kika yar a hanya ba. Bin layi da tambaya a baki shi ke kamo wannan: a ina na raba da harafi, a ina na cire tushen lamba na manta da na mainos? Irin wannan bin layin nake yarda da shi, wanda ya san abin da yake farauta. Ni wurare uku nake sa ɗalibaina su tsaya: mainos a gaban baka, debe ikweshin daga ikweshin, da ninka ikweshin a manta da ɓangaren dama. Karatun sama-sama daga farko zuwa ƙarshe kuwa cin lokaci ne.

Shi kansa gwajin ana yin kuskure a cikinsa, kuma akasari mainos ne dai. Duk lambar da ke da mainos ki sa ta cikin baka kafin ki taɓa ta: 2(2) − 3(−3), ba 4 − 3 − 3 ba. Kalkuleta ma ba za ta cece ki ba. In kika danna `-3²` za ta ba ki −9, domin ninka 3 da kansa take fara yi sannan ta manna mainos, sai kin danna `(-3)²` za ki ga 9. Ki lissafa hagu shi kaɗai har ya zama lamba guda, sannan ki dubi dama. Wanda ya fara rubuta "= 21" kafin ya lissafa, hannunsa zai san yadda ya yi ya kai 21.

Yau da daddare ki ɗauko tsohon littafin aikinki, ki nemo tambaya uku da malaminku ya soke da jan biro. Kada ki sake warware su. Ki ɗauki amsar da kika samu a lokacin, ki bi da ita layi-layi har ki ga inda ƙi ya koma karɓa, ki rubuta a gefe ko wane iri ne, alama ce, kwafe ne, ko ɓangaren dama aka manta. In kin gama ki turo min hoton shafukan in ga ko wuri ɗaya kike yawan zamewa.