Wa za ka bai wa aikin fastar shagonka a Legas?

Ɗan kasuwar da ke son fasta mai ɗauke da hotonsa da na kayansa, da sabon bango a bayansu, yana da hanya uku: ya bai wa yaron da ke haɗawa a waya, ko ya je wurin mai ɗaukar hoto, ko ya nufi Shomolu, unguwar masu aikin bugu, wurin mai zane da ke zaune kusa da injin bugawa. Na ukun nake zaɓa wa kowa.

Yaron waya da manhajar zane ta Canva ya isa idan a WhatsApp kawai za ka ɗora. Mai ɗaukar hoto kuwa zai fito maka da fuska tas, amma kayanka ba sa gabansa.

Ɗauki mai albasa a kasuwar Mile 12 da ke son bana, wato babbar fasta ta leda, ƙafa 5 a tsaye, 3 a kwance. A ƙafa murabba'i ake lissafin kuɗin bugu, wato 15 ke nan. A ce hotonsa daga hula zuwa ƙugu zai ci ƙafa biyu da rabi, inci 30. Banar da masu saye za su tsaya dab da ita tana son ɗigon hoto wajen 100 a kowane inci, don haka ana buƙatar 3,000 a tsaye. Wayar da ke ɗaukar 4,000 da 3,000 ta wadatar, muddin mutum ya cika hoton. Matsalar a turawa take. Idan aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, yakan matse hoton ya koma wajen 1,600, kusan rabin abin da ake nema. A waya ba ka ganin komai, sai an buga ka ga ido ya dushe, zanen hula ya cuɗe. Mai zane na ƙwarai da ya duba zai ce, "Alhaji, sake turo mini ta Document," wato a matsayin fayil, yadda WhatsApp ba zai matse shi ba. Wanda ya karɓa bai ce uffan ba, ka yi hattara da shi.

Sai yankan hoto daga tsohon bango, inda gwani ke fita daban. Ka sa a ƙara girman hoton a kwamfuta, ka bi gefen hula da gemu da hannun babbar riga. Idan ka ga farin zare ko ragowar launin rumfa ya zagaye ka, aikin gaggawa ne. Ka duba haske kuma: in rana ta bugi kuncinka na dama, buhun albasa kuma ta buge shi ta hagu, ko yaro zai gane liƙi ne. Maganinsa a ɗauke ka da kayan a wuri ɗaya, da safe, a inuwa. A kuma sa 'yar inuwa a ƙarƙashin buhu, in ba haka ba sai ya zama kamar yana shawagi. Bango ya zama launi ɗaya mara hayaniya. Dogayen benaye da motoci a bayan mai albasa lambar waya kawai suke binnewa.

Babban abin da ya sa na fi son Shomolu shi ne gwaji. Allo haske yake fitarwa, inji kuma tawada yake zubawa, shi ya sa jan da ke ƙyalli a waya yakan fito a dushe. Tunda injin na nan, ka biya kuɗin ƙafa ɗaya a buga maka fuskarka da gefen buhu a ainihin girmansu, ka fita da shi rana ka duba.

Amma a can ma akwai 'yan damfara, kuma sun taɓa ƙona ni. Wani ya nuna mini leda mai kauri, ya buga a kan marar kauri, damina ɗaya iska ta yage ta daga ramukan ɗauri. Ka yanki guntun wadda aka nuna maka ka riƙe a aljihu, ranar karɓa ka gwada. Ka ce a naɗe baki kafin a sa zoben ƙarfe. Wasu kuma dillalai ne da ke tare ka a bakin titi, ba su da inji ba su da kwamfuta, su ɗora nasu a kai, in aiki ya ɓaci ka neme su ka rasa. Wasu su ɗauko hoton albasar ƙasar waje daga intanet su liƙa maka, mai saye ya zo ya tarar da 'yar Aliero, ya ɗauka kai ne maƙaryaci. Akwai masu riƙe ainihin fayil don dole ka dawo musu, saboda haka tun kafin ka ba da kafin alƙalami ku yi magana cewa za a ba ka PDF da kuma fayil ɗin da ake iya gyarawa, wato CDR ko PSD. Ka kuma faɗa a fili cewa ba ka yarda a rataye fuskarka a ƙofar shago a matsayin samfur ba.

Lambar waya kuwa kada ka tsaya karantawa. Ka kwafe ta daga allon mai zanen ka kira, ka ji wayarka ta yi ƙara, sannan ka ce a buga.