Wane jerin launuka za ka ɗauka wa jadawalinka?

A ce za ka zana farashin buhun masara, gero, dawa da shinkafa na wata 12, kowane hatsi da layinsa. Idan ka ba masara ja, gero kore, akwai masu karatun da za su ga layukan biyu sun koma launi guda mai kama da ƙasa-ƙasa. Yawancin masu matsalar bambance launi ja da kore ne ke rikice musu, kuma ta fi yawa ga maza. Shuɗi da ruwan lemu kuwa suna rarrabe su ba wahala.

Irin wannan jadawali, inda abubuwan ba su da jerin babba da ƙarami, jerin Okabe-Ito ya fi dacewa da shi. Masu bincike biyu ne 'yan Japan, Masataka Okabe da Kei Ito, suka tsara shi, launi takwas. Ka ba shinkafa baƙi, masara shuɗi mai lambar launi `#0072B2`, gero ruwan lemu `#E69F00`, dawa kuma ja-ja `#D55E00`. Rawayarsa `#F0E442` ka bar ta, don a kan farar takarda da ƙyar ake ganinta. Yana da wani rauni: shuɗin nan da ja-jan duhunsu ya yi kusa, da an buga takardar baƙi da fari sai su zama toka kusan iri ɗaya. Maganin shi ne ka mai da layin dawa tsinke-tsinke, sannan ka rubuta sunan kowane hatsi a ƙarshen layinsa, ka huta da akwatin bayani na gefe.

Idan kuwa taswirar yawan ruwan sama ce, daga kaɗan zuwa mai yawa, jerin launukan viridis ake nema. Yana tashi daga shunayya mai duhu, ya bi ta kore, ya ƙare a rawaya, haskensa na ƙaruwa a hankali, don haka ko ido bai kama launin ba zai karanta duhu da haske. Jerin bakan gizo, wanda ake kira jet, ba ya yin haka. Tsakiyarsa ce ta fi haske, bakinsa biyu duk masu duhu, sai wurin ƙarancin ruwa da wurin ambaliya su yi kama.

Riba da asara suna buƙatar jeri mai fuska biyu: shuɗi can, ruwan lemu nan, fari a sifili. Shafin ColorBrewer yana da jeri masu fuska biyu iri-iri, in ka danna `colorblind safe` zai ɓoye waɗanda ba su dace ba.

Kafin ka fitar, gwada. Manhajar Color Oracle kyauta ce, tana mai da allon kwamfutarka yadda mai matsalar bambance launi ke ganinsa. Fara da `Deuteranopia`, wato matsalar ganin kore, sannan `Protanopia`, matsalar ganin ja. Daga nan ka buga kwafi ɗaya baƙi da fari. Duk layuka biyun da suka haɗe, ƙara wa ɗaya duhu ko canza masa fasali.