Kuɗin haya da na makaranta: ka tura, ko a cira?

A Garwa ana yawan tambayata wanne ya fi wajen biya ta asusun banki: umarnin turawa ko izinin cirewa.

Umarnin turawa kai ke ba bankinka: kowane 5 ga wata a tura wa mai gida sefa 40,000. Adadin ba ya canzawa. In ka tashi daga gidan, ka rubuta wa banki takardar sokewa tun kafin ranar.

Izinin cirewa kuwa, makaranta ka sa wa hannu ta riƙa ɗiba, kuma ba kowace ke karɓa ba. Adadin na iya hawa. Sokewa sai ka sanar da banki da makarantar duka. Ka sa ranar bayan shigar albashi, don in asusu ya bushe za a ƙi biya, har banki ya ci ka tara.

Ɗan haya mai albashi, turawa ta fi masa. Uban yara da kuɗin zangonsu ke sauyawa, cirewa.