Bulo inci shida ko inci tara ga bangon da zai ɗauki dekin?

"Bangon waje nake so ya ɗauki dekin ba tare da ginshiƙi ba, tsayinsa mita 3.6. In sa inci shida ko inci tara?"

Malam, sa inci tara. Da shi na ɗaga falona, dekin a kai, shekara da shekaru ko tsagar gashi ban gani ba. Har yau in na ɗora igiya da dutse a jikinsa, a miƙe yake kamar ranar da magini ya sauka. Inci shida kuwa na taɓa yarda da shi a wani ɗakin ajiya, sai ga tsaga a kwance ta waje, layin siminti ɗaya ƙasa da dekin. Yanzu raba ɗaki kawai nake yi da shi.

Bango in ya yi tsayi kuma siriri ne, ba murƙushewa yake yi ba, ciki yake turowa. Raba tsayin da kaurin a milimita ka gani: 3600 bisa 150 na inci shida ya ba ka 24, bisa 225 na inci tara kuwa 16. Eurocode 6, ƙa'idar Turai ta ginin bulo, ta tsayar da iyaka a 27, kuma tun kafin a kai can ƙarfin bangon ya riga ya zube sosai. Dekin da ya kama kan bango da kyau yana rage lissafin, amma ni ba na dogara da wannan rangwamen.

Inda mutane ke faɗawa shi ne nauyin ba a tsakiyar bango yake sauka ba. Dekin daga gefe guda yake zuwa, yana danne bakin ciki. Ana ɗauka nauyin na sauka ne a kashi ɗaya cikin uku na wurin zamansa, daga fuskar ciki. Faɗin da ke aiki shi ne t − 2e, wato kauri a cire ninki biyu na gocewar nauyi daga tsakiya. In dekin ya hau kaurin gaba ɗaya, inci shida zai bar maka milimita 100, inci tara 150.

To amma in kafinta ya bar dekin ya zauna milimita 100 kacal, nauyin na sauka wajen milimita 33 daga baki, faɗin da ke aiki ya koma kusan 67 a dukansu biyun. Ka sayi inci tara, ka tashi da ƙarfin bakinsa kawai! Don haka ka tsaya a wurin ranar kafa katako, ka ga dekin ya hau bangon sosai. Tunda babu ginshiƙi, injiniya ya duba lissafin kafin a zuba kankare.

Ka kuma je wurin masu bulo da tef ɗinka. Wasu inci takwas suke bugawa su kira shi tara, ramin ya yi faɗi, gefen ya yi siriri, siminti kamar an yayyafa. Karce shi da ƙusa. In yashi ya zubo, wuce gaba.