Sabuntawa ta ce ta gama, dashbod na nuna alƙaluman jiya

Tambaya: "'Yan uwa, aikin da ke loda bayanan cinikinmu kullum ƙarfe 6 na safe ya nuna success, amma dashbod ɗinmu na Superset har yanzu jimillar jiya yake nunawa. Ina matsalar take?"

Malam, abu biyu ne ke kawo wannan, kuma a ido kamarsu ɗaya.

Na farko, sababbin bayanai sun shiga rumbu lafiya, dashbod ne bai je ya ɗauko ba. Idan an kunna ma'ajiyar wucin gadi, wato kash, Superset yana adana amsar kowace tambaya da ya aika wa rumbun, ya riƙa maimaita ta har wa'adinta ya cika. Aikin lodinka bai san da wannan ajiya ba, balle ya share ta. A ce wa'adin daƙiƙa 86400 ne, kwana guda ke nan, kuma wani ya buɗe jadawalin, wato chart, ƙarfe 4 na yamman jiya, aka adana amsar. To ko da lodin yau ya kammala 6:10 na safe, waccan amsar za a yi ta miƙo maka har 4 na yamman yau. Wa'adin daga lokacin da aka adana yake fara ƙirga, babu ruwansa da lokacin lodi.

Na biyu kuwa kash ba shi da laifi. Lodin ya gudana kafin tushen bayanan ya gama fitar da na yau, sai ya kwashi abin da ya tarar, ya fita ba kuskure. Success ɗin iyakarsa ke nan: aikin bai faɗi ba.

Don ka raba gardama, shiga SQL Lab, wanda ke tambayar rumbun kai tsaye:

```sql
SELECT MAX(sale_date), COUNT(*) FROM sales;
```

Sa sunayen teburinka, ka duba kwanan watan cinikin, ba na lodi ba. Idan ka ga kwanan watan yau, na farkon ne. Akwai ma wata alama da nake so: sauya tacewa zuwa wadda ba wanda ya taɓa zaɓa. Sabuwar tambaya ce, babu amsarta a ajiye, sai ka ga alƙaluman yau sun fito, ka koma tsohuwar tacewar kuma na jiya su dawo. A matsala ta biyu kuwa, duk yadda ka juya, jiya za ka gani.

Maganin na farko a take shi ne Force refresh a kan jadawalin. F5 na burauza ba ya wadatarwa, domin ajiyar tana can gefen saba. Mai ɗorewa shi ne ka rage Cache timeout, misali zuwa 3600, ka yarda da ƙarin nauyi a kan rumbun. Ka duba na jadawalin tukuna, don shi ke rinjayar na dataset da na database. Kada ka sa 0 da nufin kashewa, ma'anarsa ajiyar ba ta ƙarewa.

Idan na biyun ne, ɗaure lodin ya jira tushen ya gama, kuma ka sa ya faɗi da kansa duk ranar da bai sami layi ko ɗaya mai kwanan watan yau ba.