Ajami ko boko: da wanne zan fitar da fassarar?

"'Yan uwa, an fassara mana ƙasidar adana hatsi, shafi 12, za mu raba wa manoma a ƙauyukan Kano. Da ajami zan sa a buga ko da boko?"

Malam, yi da ajami, amma da salon haruffan Alkalami, ba na Larabcin da ke zuwa cikin kwamfuta ba. Na taɓa yin wannan kuskuren. Na buga takarda da allon madannan kwamfuta na Larabci, na kai wa wani dattijo mai makarantar allo, ya duba ya ce, "Yaro, ina fa ɗinka?" Ashe a rubutun Warshu da suka tashi da shi, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Fa ɗina mai ɗigo a sama, ƙaf yake ganinta. Na koma na sauko da Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta zana a kan rubutun Kano, na sauya fa zuwa harafin da lambarsa a kwamfuta ita ce U+08BB, ƙaf zuwa U+08BC, wasalin imala kuma U+065C. Da na mayar masa, bai ɗaga kai ba sai da ya kai ƙarshen shafi, har yana tambayar wane gwani ne ya rubuta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne alkiblar rubutu. Masu buga takardu sukan danna Align Right su ce an gama, alhali wannan tura layi gefen dama kawai yake yi. Za ka gane daga aya: maimakon ta tsaya a ƙarshen jimla ta hagu, sai ta tsallako dama, baka biyu ma su rikice. A Word, danna Ctrl da Shift na hannun dama, sakin layin ya koma dama zuwa hagu na gaskiya. Lamba kamar 250 kuwa daga hagu ake karanta ta ko a tsakiyar ajami, kar wani ya juya maka ita. Ka karɓi aikin a PDF da haruffan a ciki, don wayar da ba ta da Alkalami sauya su za ta yi.

Boko ba laifi, ya fi arha da sauri, in dai salon haruffan na da ɓ, ɗ da ƙ, kamar Charis SIL.

Sai ka yi hattara da masu cewa ka biya kuɗin "haruffan Hausa". Alkalami da Charis SIL duk kyauta ne. Wasu ma tsohon yayi suke sayarwa, wanda ke ɗora ƙ a mazaunin q. Kafin ka biya, kwafi layi ɗaya ka liƙa a WhatsApp a gaban mai shagon. In "ƙasa" ta koma "qasa", "ɗaki" ya koma "xaki", ɗauki fayil ɗinka ka nemi wani shago.