Kwanan wata ko adadin kwanaki: me za a zuba a sandar da ake ɓoyewa?

“Ina haɗa jadawalin Gantt a Excel da sanduna masu haɗe, amma na ga wasu suna zuba ranar farawa a sashen farko da ake ɓoyewa, wasu kuma adadin kwanaki. Wanne ya fi?”

Dukansu biyun tushensu ɗaya ne. Ana zaɓar Stacked Bar, a mayar da launin sashen farko No Fill domin ya tura sashen biyu zuwa gurbinsa ba tare da an gan shi ba, sannan a kunna Categories in reverse order domin aikin farko ya dawo sama. Bambancin yana kan layin ma'auni.

A ɗauka akwai ayyuka uku a watan Maris na 2025: zane zai fara ranar 3 ya ɗauki kwana 5, sayen kaya ranar 10 kwana 4, haɗawa kuma ranar 14 kwana 10.

Idan ranar farawa aka zuba, sai a tuna cewa a wurin Excel kwanan wata lamba ce da ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1900, saboda haka 3 ga Maris 2025 ita ce 45719. Muddin ma'aunin ya tashi daga sifili, sandar kwana 5 za ta zama ɗan ɗigo a maƙure a gefen dama. Maganinsa shi ne a shiga Format Axis a sa Minimum ya zama 45719, Maximum 45740, Major kuma 7, wanda zai fito da mako uku cif, kowane layi a kan Litinin. Amfanin wannan hanya a fili yake, domin mai dubawa yana ganin ainihin ranakun. Aibinta shi ne waɗannan lambobi da hannu ake rubuta su, ba sa bin abin da ke cikin tebur, kuma duk ranar da aka ɗage aikin sai an koma an gyara su.

A hanya ta biyu, idan ranakun farawa suna shafin B daga B2 zuwa ƙasa, ana ƙara shafi na tsaye da wannan lissafi, a ja shi ƙasa zuwa sauran layuka:

```
=B2-$B$2
```

Zai ba da 0, 7 da 11, amma idan ya fito da siffar kwanan wata sai a mayar da shi General. Ma'aunin zai tashi daga sifili da kansa, kuma ɗage ranaku ba ya ɓata komai, sai dai mai dubawa zai ga “11” ne, ya lissafa ranar da kansa.

A ganina, jadawalin da za a nuna wa mutane ya fi dacewa da ta farko, wanda ake yawan sauyawa kuma da ta biyu. Kowacce aka ɗauka, kada a ɓoye shafin da aka zuba a sashen farko da Hide, domin Excel ba ya zana bayanan da aka ɓoye sai an ba shi izini, kuma alamar hakan ita ce dukan sanduna su ɓace a hanya ta farko, a ta biyu kuma su koma su manne a hagu.